Shekarata ta farko ina ɗinka wa mutanen da ban taɓa gani ba

Tambaya: "Salamu alaikum Yaya. Ni tela ne a Kubwa, Abuja, shekarata huɗu da samun 'yanci daga wurin maigidana. Ina so in fara karɓar ɗinki ta waya daga mutanen wasu garuruwa, na kuma ji an ce kai ka daɗe kana yi daga Jos. Don Allah yaya shekararka ta farko ta kasance, kuma a ina ka fi yin asara?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. A wurin awo na fi yin asara, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin sauran matsalolin duk kuɗi ne ke gyara su, shi kuwa yadi idan almakashi ya shige shi, ya shiga ke nan.

Na fara ne a watan Janairun 2023. Shagona ƙarami ne a cikin Jos, keke biyu da injin wibin ɗaya, ni da yaro ɗaya da hannunsa ya faɗa da wani ɗan koyo mai guga da sa maɓalli. Kayan maza nake ɗinkawa, kaftani da jamfa da babbar riga jefi-jefi. Ban buɗe wani shafi na musamman ba. WhatsApp Business na sauke, na jera hotunan ɗinki a ciki, na buɗe Instagram, duk abin da na gama kuma sai in rataye shi a bakin ƙofa da hantsi in ɗauka. Wata biyun farko sun zo daidai da ƙarancin takardun naira na lokacin canjin kuɗi, wanda ya tilasta wa kowa koyon tura kuɗi ta waya. Wannan ya taimake ni ta wani gefen, don mutanen da a da ba za su tura wa baƙo ko sisi ba sun saba. A lokacin ne kuma na koyi cewa hoton rasit ba kuɗi ba ne. Sai na buɗe asusuna na ga kuɗin sun zauna nake taɓa yadi.

A shago, idan mutum ya shigo, kai kake riƙe tef, kuma idonka yana aiki fiye da tef ɗin. Kana ganin mai tumbi, kana ganin wanda kafaɗarsa ta zube, kana ganin irin rigar da ya sanyo, ko mai son ta kama jiki ne ko mai son ta sake. Duk wannan ba ka rubuta shi a littafi, yana cikin kanka lokacin yanka. Ta waya kuwa lambobi shida ko bakwai kawai ke zuwa maka, kuma ba ka san wanda ya auna ba, balle yadda ya auna. Ni ban gane girman wannan bambancin ba sai a azumin shekarar.

Wani bawan Allah ma'aikaci a Abuja ya ga wani kaftani a shafina, ya ce in yi masa guda biyu na Ƙaramar Sallah, shadda, ɗaya fara ɗaya ruwan toka, da aiki a wuya. Na ce ya turo awo. Ya turo: tsawon riga 41, kafaɗa 19 da rabi, hannu 25, jiki 44, wuya 17 da rabi, tsawon wando 41, ƙugu 40. Na kwafe a littafi. A shagona, kamar yadda maigidana ya koya mini, abin da muke rubutawa a gaban "jiki" shi ne faɗin rigar bayan an gama ta, wato mun riga mun sa sakin a ciki tun lokacin awo. Saboda haka na ɗauki 44 a matsayin faɗin riga, na raba huɗu, 11, na ƙara na ɗinki, na yanka duka biyun a dare ɗaya. Aka kai wa mai aiki, ya yi aikin wuya, muka haɗa, aka goge, na kai tasha saura kwana tara Sallah.

Washegari da yamma ya turo hoto. Rigar ta shiga da ƙyar, ta ɗame a ƙirji, aljihun gefe ya buɗe baki, ba ya iya ɗaga hannu ya yi kabbara. Da na tambaya sai ya ce matarsa ce ta auna shi, ta zagaya tef a ƙirjinsa daga shi sai singileti. Ashe 44 ɗin nan ƙirjin mutum ne, babu sakin ko inci ɗaya. Kaftani kuwa yana son ƙarin inci 6 zuwa 8 a kan ƙirji, gwargwadon yadda mai shi ke so, sai dai matasa masu son ɗamammen ɗinki da ke tsayawa a 4 ko 5. Rigarsa 50 ko 52 ya kamata ta zama.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne amsar tana cikin lambobin da ya turo, ni ne ban karanta ba. Mutumin da wuyansa ya kai 17 da rabi, kafaɗarsa 19 da rabi, ƙugunsa 40, babban mutum ne, ƙirjinsa da kansa zai kai 44 zuwa 46. Wanda rigarsa gamammiya take 44, ƙirjinsa wajen 38 ne, irin wannan kuwa wuyansa bai cika wuce 15 ko 15 da rabi ba, kafaɗa kuma 17 zuwa 18. Lambobin awo 'yan gida ɗaya ne, suna tafiya tare. Idan ɗaya ta fita daga dangi, to wani abu ya faru wajen auna ta. Tun daga ranar, kafin in kalli komai, wuya da jiki nake fara haɗawa in ga ko sun yarda da juna.

Ga yadda muka kashe wutar. Ya kai kayan tasha a Abuja da sassafe, motar ta biyo ta Keffi da Akwanga, na karɓa da la'asar. Farar shaddar akwai ragowarta a wurina, sai na farke gefe biyu tun daga ƙasa har hammata da ɗan cikin hannu, na sa ƙari mai faɗin inci 3 a kowane gefe, ya zama an samu 6. Dole ƙarin ya shiga cikin hannun ya tsuke a hankali, in ba haka ba jiki zai buɗe amma hammata ta ci gaba da cizo. Da yake fara ce, kuma ɗinkin ya bi layin gefe, bai yi muni ba, na kuma gaya masa gaskiyar abin da na yi kafin in mayar. Mai ruwan tokar ce ta ƙi. Ragowarta ba ta isa ba, na koma wurin mai yadi, wannan bandir ɗin ya ƙare, wanda ya zo bayansa kuma launinsa ya ɗan fi duhu. Ba a haɗa sabuwar riga da tsohon wando idan launi ya saɓa, rana tana fitowa za a gani. Haka na sayi yadi biyar sabo da kuɗina, naira 30,000 a lokacin, na sake biyan mai aiki da kuɗin gaggawa, na biya mota zuwa da dawowa. Ribar ɗinki kusan bakwai ta tafi a kan wannan lamba ɗaya. Kayan sun isa hannunsa ana jibi Sallah, wadda ta kama Juma'a 21 ga Afrilu. Har yanzu ni nake masa ɗinki, ya kuma kawo mini abokan aikinsa, amma na san da ban tura da wuri ba, da babu lokacin gyaran, da kuma labarin ya sha bamban.

Bayan Sallah na zauna na canza yadda nake karɓar awo gaba ɗaya. Na daina cewa mutum ya auna jikinsa. Yanzu abin da nake cewa shi ne ya ɗauko rigar da ya fi jin daɗinta a cikin kayansa, irin wadda yake so in ɗinka, ya shimfiɗa ta a ƙasa ko a kan tebur, ba a kan katifa ba don tana lotsawa, ya sa maɓallan, ya miƙar da ita ba tare da ja ba. Sai ya ɗora tef ya ɗauko mini hoton kowane awo, tef ɗin yana kwance a kai, ina ganin farkonsa da ƙarshensa. Daga hammata zuwa hammata, wannan in ninka biyu in sami jiki. Daga ɗinkin kafaɗa zuwa ɗinkin kafaɗa ta baya. Hannu daga ɗinkin kafaɗa zuwa bakinsa. Tsawo daga gefen wuya, inda kafaɗa ta haɗu da kwala, zuwa ƙasa. Wuya kuma a buɗe kwalar a shimfiɗe, daga tsakiyar maɓalli zuwa ƙarshen ramin maɓalli. Wando ma haka, tsawo ta gefe, cinya daga inda ƙafafu suka rabu, da bakin ƙafa.

Amfanin wannan shi ne riga ba ta riƙe numfashi, ba ta shafe ciki don kunya, ba ta kuma sanye da rigar sanyi a ƙarƙashi. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne a wurinmu, duk telan Jos ya san awon watan Disamba da Janairu, mutum ya zo da suwaita biyu a jiki, in ba ka sa ya cire ba ka ɗinka masa buhu. Sannan rigar da mutum ya zaɓa da kansa ta riga ta gaya maka irin sakin da yake so, abin da ko shi ba zai iya faɗa maka da lamba ba. Bayan hotunan sai in nemi ɗaya yana sanye da rigar, a tsaye, ta gaba da ta gefe, in tambaye shi abin da zai so a canza. Nan ne za ka ji "hannun ya ɗan yi mini gajere" ko "tana kama ni a ciki in na zauna". Hoton gefe shi ke nuna tumbi, mai tumbi kuwa gaban rigarsa yana ɗagewa, sai ka ƙara wa gaba tsawo kamar inci ɗaya don ƙasan ya daidaita.

Idan mutum ya ce ga awon da telansa ya ba shi, ina karɓa, amma sai na tambaya: jikin nan na mutum ne ko na riga? In bai sani ba, mu koma ga shimfiɗa riga. Wasu telolin ma rabi suke rubutawa, ka ga "jiki 25", wato 50.

Akwai kuma matsalar tef ɗin kansa. Wani ya taɓa turo mini kafaɗa 46, wannan mai sauƙi ne, ya juya tef ne ya karanta gefen santimita, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne, ka raba ka sami 18. Mai wuyar ganewa shi ne wani tef da ake samu cikin ƙananan kayan ɗinki na gida, wanda lambobinsa suka yi kama da inci amma ma'aunin ƙasar Sin ne, kowane ɗaya santimita 3.3 da ɗoriya. Da shi babban mutum zai fito maka da awon yaro, kafaɗa 14 maimakon 18. Maganinsa hoto ɗaya ne: ya ɗora tef ɗin a kan tsawon farar takarda A4, irin ta fotokwafi. Tef na gaskiya zai nuna inci 11 da kusan kashi uku cikin huɗu. In ya nuna wajen 9, a nemo wani tef.

Duk da wannan, ina yanka ne da tunanin cewa wataƙila kayan su dawo. Ina barin inci ɗaya cikakke a ɗinkin gefe maimakon rabi. Idan aka saki rabin inci a kowane gefe, gaba da baya, riga ta ƙaru da inci 2 ke nan, kuma telan unguwarsu ma zai iya yi ba sai an dawo da ita Jos ba. Ƙasan riga da na wando ina naɗe inci 2. Amma ka sani shadda tana riƙe sawun allura, in ka farke za a ga layin tsohon ɗinkin, musamman mai duhu mai maiƙo, don haka wannan dabarar ta fi aiki a yadi mai laushi. Wurare biyu kuma ba su da gyara: kafaɗa, da wuyan da aka riga aka yi wa aiki. Su nake tambaya sau biyu. Sabon kwastoma kuwa, ko kala biyar ya ce, ɗaya nake fara ɗinkawa in tura, ya sa, ya turo hoto, sannan in yanka sauran. Kuɗin mota ya ƙaru sau ɗaya, amma da na yi haka da mutumin Abuja, da shadda ɗaya ce ta shiga matsala, mai sauƙin gyaran ma zan fara da ita.

Abu na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne farashi, kuma ya zo ne a Babbar Sallah. Don in jawo mutane, nakan faɗi kuɗi dunƙule, ɗinki da aiki da kaiwa har garinku. A tsakiyar watan Mayu na karɓi ayyuka da dama a haka. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Sallah kuma sai 28 ga Yuni. Duk kayan da na yi wa kuɗi a tsohon farashi, a sabon farashi na ɗinka su da janareta, a sabon farashi direbobi suka karɓa. Ban koma na ce wa kowa ya ƙara ba, magana ta riga ta fita, amma watan nan kusan kyauta muka yi aiki. Daga nan na raba kuɗin gida uku a rubuce: na yadi, na ɗinki da aiki, na mota. Na mota ba na yanke shi sai ranar turawa, abin da aka ce a tasha shi zan faɗa, mai kaya ya biya. Na yadi kuma a biya shi duka kafin in je kasuwa, tare da rabin na ɗinki, ragowar idan na turo bidiyon kaya a gama kafin su bar shago. Dalilin biyan na yadi duka shi ne rigar da aka yanka da awon wani ba ta da mai saye. Na taɓa yin sassauci ga wani da ya ba da kashi ɗaya cikin uku, ya daina ɗaga waya, jamfarsa ta yi wata biyar a rataye kafin in sayar da ita ƙasa da kuɗin yadinta.

Launi ma yana jawo rigima, amma maganinsa gajere ne. Waya tana canza launi, ruwan toka ya koma shuɗi, ruwan madara ya koma fari. Ina ɗaukar bidiyon yadin a waje cikin inuwa, da farar takarda a gefensa, in sa mutum ya rubuta "shi ne" kafin in saya. Duk abin da muka yi magana a kira, ina sake rubuta shi a saƙo ɗaya, awo da launi da irin aiki da ranar turawa da kuɗi, ya amsa. Rabin gardamar da na yi a watannin farko a kan abin da aka faɗa da baki ne.

Sai yawan aikin da za ka karɓa. Waya ba ta cika kamar yadda shago ke cika. A shago mutum yana ganin tarin yadi a kan tebur ya san an yi nisa, a waya kuwa kowa gani yake shi kaɗai ne, kai ma kuma kana ganin alat sai ka manta hannu biyu gare ka. Ga lissafin da na yi bayan na sha wuya. Azumin 2023 kwana 29 aka yi. Kayan nesa dole su bar shago saura mako guda, don a sami damar gyara in an samu matsala, saura kwana 22. Cire Juma'o'i da ranakun da wuta ko keke za su ba da matsala, ka ce 18. Mu biyu masu ɗinki, da azumi a baki, kaftani da wando biyu muke gamawa a rana ba tare da an yi aikin gaggawa ba, 36 ke nan. Mutanen unguwa da suka saba da ni tun kafin in san Instagram suna cin fiye da 20 a ciki, su kuwa ba a ture su saboda baƙo, sai dai a tura wasunsu makon ƙarshe tunda suna kusa. Abin da ya rage wa na nesa bai wuce 15 ba. Ni kuwa na karɓi 26. Shi ya sa na yanka shadda biyu a dare ɗaya ban tsaya na kalli wuya 17 da rabi ba. Ka kuma tuna mai aikin wuya ba naka ba ne kai kaɗai, aikin da yake yi a kwana uku, a goman tsakiya sai ya kai mako.

A azumin da ya biyo baya na rubuta a shafina tun cikin Sha'aban cewa zan rufe karɓar ɗinkin nesa ranar 10 ga azumi, ko kuma idan mutum 15 sun cika, duk wanda ya riga zuwa. Sun cika ranar 6. Na mayar da mutum tara, uku daga cikinsu suka ce a ajiye musu layi na Babbar Sallah.

Kai da kake Kubwa kana da sauƙin da ni ba ni da shi. Yawancin waɗanda za su fara nemanka ta waya 'yan cikin Abuja ne, Gwarimpa, Dutse, Wuse, Lugbe, har Suleja da Mararaba. Ga waɗannan kada ka wahalar da kanka da hotunan tef a ɗinkin farko. Ka sa rana ɗaya a mako, Asabar misali, ka bi su da tef ɗinka ka auna da hannunka, ko su aiko maka da rigar gwaji ta hannun mai kai saƙo ka auna ka mayar. Ka buɗe wa kowa shafinsa a littafi, ka rubuta awon jiki da na riga a layi daban-daban, da kwanan wata, da ɗan bayani kamar "yana son hannu ya sauka" ko "kafaɗar dama ta fi zubewa". In shekara ta zagayo ka tambaye shi ko jiki ya canza kafin ka yanka, musamman wanda ya yi aure a tsakani. Hanyar shimfiɗa riga ka ajiye ta don na Kaduna da Legas da Fatakwal in sun fara zuwa, su ma kala ɗaya tukuna.